Littafin Gari da Littafin Ƙauye

A shekarar 1989 Kande ta fara sanin Malam Obadiya, ranar da ta je neman aikin shara a wani ƙaramin asibitin mata da yara a Azare. Shi ne ta fara tararwa a bakin ƙofa, zaune bayan wani tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tallafe da guntun bulo. Bai ɗago kai ba sai da ya kai ƙarshen layin da yake rubutawa, ya danna masa takardar tsotse tawada, ya rufe alƙalami. Sannan ya tambaye ta sunanta, da sunan mahaifinta, da unguwarsu, ya kuma tambaye ta ko ta iya karatu. Ta ce ta yi aji biyar a firamare. Ya ce aji biyar ba kaɗan ba ne, in mutum bai zubar da shi a hanya ba.

Mutumin Bogoro ne, makarantar mishan ya yi, kuma ya zo ƙasar Katagum tun yana saurayi a matsayin akawun kati. A nan ya yi aure, a nan ya binne matarsa, a nan 'ya'yansa suka tashi da Hausar Azare a bakinsu. A zamaninsa ana dukan yaro a kan harafin da ya karkace, shi ya sa rubutunsa ya tsaya kamar sojoji a fareti har tsufansa. Ba ya kankare rubutu. In ya yi kuskure, sai ya ja layi ɗaya da rula, ya sa hannu a gefe da kwanan wata. Ma'aikata kan ce a duk littattafan asibitin ba za ka samu irin wannan layi fiye da goma ba, shi kuwa in ya ji sai ya ce bakwai ne.

Littafi biyu yake riƙewa na masu zuwa awon ciki: littafin gari da littafin ƙauye. Shi ya ƙirƙiro tsarin, kuma da dalili mai kyau. Matan da ke zuwa daga ƙauyukan bayan Gadau da Jama'are da Dagauda sai sun kama motar komawa kafin la'asar, don haka su ake fara gani, matan gari su jira. Shekara da shekaru abin yana tafiya haka, har kowa ya manta cewa wani ne ya fara shi.

Shi ya koya wa Kande karanta kati a lokacin hutun rana. Shi ya rubuta mata takardar da ta fitar da ita daga shara zuwa bin gidaje, inda take zuwa neman matan da suka daina zuwa awo. Shekara goma sha biyar ta yi tana wannan aiki. Ta san zauren da ake sallama a jira, ta san gidan da sai ta fara gaida uwar miji, ta san mijin da in ka ambaci cikin matarsa a gabansa ka rufe wa kanka ƙofa. Tana kiransa Baba, yana kiranta Malama Kande, har ranar da ta daina kiransa komai.

Abin ya faru ne a 2008. Ƙungiyar da ke tallafa wa asibitin ta aiko wani matashi daga Bauchi mai suna Abdulhakeem, da kwamfuta a jaka, ya ce zamanin bin gidaje ya wuce. Yanzu waya ta shiga ko'ina. Za a riƙa aika saƙon tes kwana biyu kafin ranar awo, wadda ta gani ta amsa, ko ta yi filashin, wato ta buga ta kashe, tunda mutane ba sa son ɓata kati. Ya karanta wa taron ma'aikata saƙon da ya tsara:

"SANARWA: Ranar awon cikinki Talata, ƙarfe 8 na safe. Kada ki makara. Ki amsa ko ki yi filashin wannan lamba."

Kande ta ce, "Yallaɓai, wa zai karanta wannan?"

"Mai cikin mana, Hajiya."

"Wayar tana aljihun mijinta. Shi kuma ba lallai ya iya karatu ba, sai ya miƙa wa mai kemis ko wani a majalisa. Ka ga an karanta wa ƙato 'awon cikinki' a gaban abokansa. Ba sallama, ba gaisuwa, kamar sammacin kotu."

Aka yi dariya. Abdulhakeem bai yi ba. Ya ce shi ba ya aiki da ji-ta-ji-ta, da lissafi yake aiki. In tana ganin ta fi shi, ta rubuta nata, kada ya wuce harafi ɗari da sittin, a gwada su biyun. Kande ta karɓi biro ta rubuta a bayan wani tsohon kati:

"Salamu alaikum Maigida, ya iyali? Asibiti na tunatar da kai ranar ganin iyalinka Talata, ƙarfe 8 na safe. Ka amsa ko ka yi filashin wannan lamba. Mun gode."

"Rabin saƙon gaisuwa ce," in ji Abdulhakeem.

"Rabin aikin ma gaisuwa ce," in ji ta.

Sista Priskila, shugabar ma'aikatan jinya, ita ta yanke magana. Kwantiragin masu bin gidaje zai ƙare a ƙarshen Yuli, kuma ƙungiyar ta ce mutum ɗaya kawai za ta ci gaba da biya a teburin saƙo. In saƙon Kande ya fi samun amsa, Sista za ta rubuta wa Bauchi cewa a bar mata teburin. In ba haka ba, Abdulhakeem zai kawo wanda ya iya kwamfuta. Kande bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, biyu suna sakandare. Kowa a ɗakin ya san abin da aka ɗora a kan wannan gwaji.

Abdulhakeem ya juya wajen Malam Obadiya ya ce, "Baba, ka raba mini lambobin gida biyu, daidai wa daida. Rabi su samu na farko, rabi na biyu. Amsar da ta shigo cikin kwana uku ita za mu ƙirga." Malam Obadiya ya ce to. Aka yi mako huɗu na watan Yuni ana aikawa, shi kuma yana zaune da wayar asibiti, duk lambar da ta amsa ko ta yi filashin ya nemo ta a littafi ya sa mata alama.

A farkon Yuli aka karanta sakamako. Saƙon Abdulhakeem ya je wa lamba ɗari da hamsin da biyu, saba'in da huɗu suka amsa. Na Kande ya je wa ɗari da arba'in da bakwai, talatin da ɗaya suka amsa.

Abdulhakeem ya ce, "Hajiya, kin ga ko lambobi ba sa gaisuwa."

Kande ta dubi Malam Obadiya. "Baba, haka ne?"

Ya gyara tabarau, ya ce, "Ƙirgen daidai ne." Bai dube ta ba.

Ta yarda, domin shi ne ya faɗa. Wannan ne ya fi ci mata rai daga baya. Da Abdulhakeem kaɗai ya faɗa, da ta yi gardama har gaban Sista. Ta kwashe 'yan kayanta a ƙarshen wata, ta koma taya ƙanwarta sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli a kasuwa, tana ta faɗa wa kanta cewa ashe shekara goma sha biyar ta yi tana ruɗin kanta, ashe ba ta san mutanen da take zato ta sani ba.

Cikin Agusta wani manomi mai suna Hussaini, daga wani ƙauye bayan Gadau, ya tsaya a rumfarsu. Ta taɓa zuwa gidansa har sau uku kafin ya bar matarsa ta fara zuwa awo.

"Hajiya, ashe ke ce a nan? Ai mun ga saƙonku tun watan shekaranjiya. Mai kemis ya karanta mini. Na ce wannan bakin Hajiya Kande ne, da ladabinsa."

"Ka ji daɗinsa amma ba ka amsa ba."

"Ina zan amsa? Mu can sai ranar kasuwa muke kawo waya caji, sabis kuma sai ka fita bakin titi. Ranar da saƙon ya shigo, Talatar ma ta wuce da kwana biyar. Duk garinmu haka aka yi, mu shida."

"Ku shidan duka mai sallama kuka samu?"

"Dukanmu. Akwai wani ne daban?"

Kande ta auna masa mai. Da ta koma unguwa ba ta shiga gida ba. Ta je wajen Sadiya, malamar firamare da ke maƙwabtaka da ita, mai ciki wata bakwai kuma mai wayar kanta. Sadiya ta nemo tsohon saƙon watan Yuni: SANARWA. Ta shiga gida na gaba, da na gaba. Kafin magariba ta duba waya tara a cikin gari, duka SANARWA. Ba ko ɗaya mai sallama.

Washegari ta sami Malam Obadiya a teburinsa, layin mata yana gabansa. Ba ta gaishe shi ba, abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara goma sha tara.

"Yaya ka raba lambobin nan?"

Ya rufe alƙalami. "Malama Kande, ki bari in sallami mutanen nan."

"Su jira, ai sun saba. Littafin gari ka ba shi, ni ka ba ni littafin ƙauye. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Ka ba shi malaman makaranta da matan ma'aikata, masu waya a jaka da wutar lantarki a ɗaki. Ni ka ba ni waɗanda wayarsu ke kwana shida a mace. Ko da Ƙur'ani na rubuta musu ba za su amsa cikin kwana uku ba. To me aka gwada? Saƙona aka gwada ko sabis ɗin Gadau?"

"An ce in raba biyu daidai. Littattafan biyu ne, yawansu kusan ɗaya. Ban yi tunani ba."

"Yaushe ka yi tunanin?"

Ya shiga jera katunan da ke gabansa.

"Na tambaye ka, yaushe ka gane?"

"Mako na biyu."

Kande ta zo ne da shirin jin kuskure, kuma kuskure da ta yafe shi kafin ta kai bakin ƙofa.

"Mako na biyu. Saura mako biyu a gama, ka gani, ka ci gaba da sa alamarka mai kyau. Na tambaye ka a gaban mutane, ka ce ƙirge daidai ne. Kai da ka koya mini cewa in na yi kuskure in ja layi in sa hannu. Don kada a ce Malam Obadiya ya yi kuskure na takwas, ka bari yaron nan ya yi mini dariya, ka bari na tafi tallan mai."

"Ƙirgen dai daidai..."

"Kada ka sake faɗa mini wannan magana."

Ta wuce ofishin Abdulhakeem. Ya saurare ta yana duba kwamfuta, ya ce rahoto ya riga ya tafi Bauchi, an buga tambari, kuma wanda zai karɓi teburin yana hanya. Ya ce ko da an samu ɗan tangarɗa, tazarar ta yi yawa, ba za ta canja komai ba.

"Ta yaya ka sani, tunda ba ka gwada ba?"

"Hajiya, ba a sake jarrabawa don wanda ya faɗi bai ji daɗi ba."

"Kai ka ce da lissafi kake aiki. Ka kawo shi daga Bauchi a jaka, amma ba ka tambayi yadda aka raba mutane ba, saboda amsar ta yi maka daɗi. Allah ya ba ka lada, Yallaɓai."

Wata uku ba ta taka asibitin ba. In ta hango Malam Obadiya a kan kekensa sai ta juya baya ta kama gyaran kwalabe. Ya aiko mata da gaisuwar sallah ta bakin wata unguwarzoma, ta ce a ce masa ta ji. Ɗanta na biyu ya zauna gida zangon farko na sabuwar shekarar karatu saboda rashin kuɗin makaranta, kuma duk safiyar da ta gan shi zaune a tsakar gida sai fushin ya dawo sabo.

A tsakiyar Nuwamba Sista Priskila ta aiko a kira ta. Kande ta so ta ƙi, ƙanwarta ta matsa mata. Da ta shiga, ta ga wani baƙon mutum a teburin kati. Sista ta rufe ƙofar ofis, ta ajiye mata takardu a gabanta, ta ba ta labari.

Kwana biyu bayan rigimar, Malam Obadiya ya kawo wa Sista takarda, da kwafi zuwa Bauchi. Ya nemi izinin sake gwajin. Abdulhakeem ya ce ba zai ba da kwamfutarsa ba, Sista kuwa ta ba da wayar asibiti da izininta a rubuce. Bauchi ba su ce a yi ba, ba su ce a bari ba.

Ga yadda Malam Obadiya ya yi a watan Oktoba. Ya fara tace lambobin, domin akwai matan da suka ba da lamba ɗaya, ta mai kemis ko ta mai shagon kira, ya haɗa irin waɗannan wuri ɗaya don kada waya guda ta samu saƙo iri biyu. Ya rubuta kowace lamba a guntun takarda ya naɗe. Na littafin gari ya zuba a kwano ɗaya, na littafin ƙauye a wani. Sista ce ta riƙa ɗiba idonta a rufe, ɗaya dama ɗaya hagu, har kowane kwano ya ƙare, saboda kowane saƙo ya samu rabin gari da rabin ƙauye, kuma kada hannunsa ya zaɓi kowa. Bai canja ko harafi a saƙonnin biyu ba, in ban da ranar awo. Ya riƙa aikawa rana ɗaya, safiya ɗaya, na wannan ɗaya na wancan ɗaya, da babban yatsansa a kan 'yar wayar nan, tsoho mai shekara sittin da huɗu da tabarau a kan hanci. Kwana uku aka ba kowa, kamar da. A mako na biyu na Kande ya riga ya wuce gaba, Sista ta ce ai an gani, a tsaya. Ya ce mako huɗu aka ce, mako huɗu za a yi.

Kande ta duba takardar. Lamba ɗari da arba'in kowane ɓangare. Na Abdulhakeem, talatin da tara suka amsa. Nata, sittin da ɗaya. A ƙasa ya ƙara bayani biyu da rubutunsa. Na farko, amsa saƙo daban, zuwa awo daban: ya ƙirga waɗanda suka zo, nata ne dai a gaba, amma tazarar ba ta kai ta amsa ba. Na biyu, a wajen matan da ke riƙe da wayar kansu saƙonnin biyu sun yi kusan kunnen doki, sai dai ba su da yawan da za a yanke hukunci a kansu.

"Har yanzu ba zai iya ba mutum nasara ya bar shi da ita ba," in ji Kande.

"Karanta ɗayar," in ji Sista.

Takardar Agusta ce, gajeriya. Ya rubuta cewa shi, Obadiya, akawun kati, ya raba lambobin gwajin Yuni bisa littafin gari da na ƙauye, wanda ya sa sakamakon ba shi da amfani. Ya gane haka ranar goma sha ɗaya ga Yuni, ya ɓoye. An tambaye shi a gaban ma'aikata, ya ba da amsar da ya san za ta ɓatar da mai tambaya. Saboda haka Malama Kande ta rasa aikinta ba da laifinta ba. Ya sa hannu da kwanan wata.

"Wa ya ce ya rubuta har da ranar?" in ji Kande.

"Na ce masa ya rubuta kuskure ne kawai, ya tsaya nan, ba wanda zai bincika. Ya ƙi. Kin san tun da ya yi ritaya kwantiragi yake yi, shekara-shekara. Bauchi sun karɓi sabon sakamakon, sun ce teburin saƙo naki ne daga ɗaya ga Disamba. Nasa kwantiragin kuma sun ce ba za su sabunta wa wanda ya ɓoye abu irin wannan ba. Ya san haka za a yi tun kafin ya sa hannu."

"Abdulhakeem fa?"

"Yana nan. A sabon rahotonsa ya rubuta cewa shi ya gano matsalar."

Kande ta yi tsaki mai tsawo. "Shi kuma Baban yana ina?"

"Ya koma Bogoro ranar Asabar, wajen 'yarsa Kezia. Na ce ya bari in kira ki kafin ya tafi. Ya ce a'a, kada a sa ki a tsakani, ki ga kamar dole ki yafe."

Kande ta daɗe tana duban sa hannun. Fushin bai tafi ba. Wata huɗu ne na rayuwarta, da zangon karatun ɗanta, kuma kalma ɗaya a watan Yuni da ta isa ta hana duk wannan. Ta faɗa wa Sista haka, Sista ta ce gaskiya ne.

Ta ninke takardar biyu, ta tambaya ko za ta iya riƙe kwafi. Sista ta ce wannan ɗin nata ne, shi ya bar mata, sai dai ya ce kada a ba ta sai bayan motarsa ta tashi.